Ta'aziyyar da Na Ba Nafi'u Aro

Ranar Talata Goggon Hamdiyya ta rasu, ranar kuma na aurar da Hamdiyya ga wani mutum da hannuna, ban ko tashi daga kan kujerata ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo shafin nan, sunana Ilyasu. Ina aiki a wani ofishin jigilar mahajjata a bayan babbar kasuwa, Grand Marché, ina juya takardu tsakanin Faransanci da Larabci da Hausa. Matata Sharifa ta rasu shekarun baya. Tun daga nan nake zaune a unguwar Milezi ni da littattafaina, da wata fanka mai kukan tsohuwar akuya, da yayata Hansai, wadda gidanta daban amma ban taɓa dawowa ban iske takalmanta a ƙofata ba.

Hamdiyya ce ke kan teburin da ke jikin nawa, ita ke kula da fasfo da biza. Ta wuce shekarun da ake kiran mace yarinya, kuma ba ta ɓoyewa. Lafayarta kullum mai duhu ce, ruwan toka ko ruwan makuba, sai ƙanshin turaren wuta da ke riga ta shigowa. A duk ofishin ita kaɗai ke gane lokacin da nake zagin mutum cikin ladabi. Takan sunkuyar da kai kan fasfo, kafaɗunta na rawa.

Yaya Hansai ta san da ita, don ni na yi kuskuren ambaton sunanta sau biyu a zama ɗaya.

"To me kake jira, Ilyasu?"

"Ina nazari, Yaya."

"Nazari. Gashin kanka ya gama nazarinsa ya tafi. Ka ba ni izini in je unguwarsu Habbena in gaida mutanen gidansu."

"Bayan aikin hajji."

"Wanne? Na bara ka ce, ko na baɗi?"

Kafin in kai ku ranar Talatar, sai kun san wace sana'a nake yi a ofishin nan ban da wadda ake biyana. Ni ne marubucin ta'aziyya. Ba wanda ya naɗa ni, mutuwar Sharifa ce ta ba ni ilimin. A kwanakin makokinta wayata ta cika, kuma da yake ba na iya barci ko karatu, saƙonnin na zauna na karanta kamar mai shirin jarrabawa. Wani ya turo hoton fure da hannuwa biyu a haɗe. Wani ya tambaye ni me ya kashe ta, ko an makara ne wajen kai ta asibiti. Wani ya ce ya san yadda nake ji, don shi ma kakarsa ta rasu tana da shekara kusan ɗari. Wani malamin makaranta ya rubuto mini wa'azi mai tsawon huɗuba, ya kuma kira ta da sunan da ba nata ba. Akwai wanda ya rufe da cewa Allah ya musanya mini da mafi alheri, alhali ƙasar kabarinta ba ta bushe ba.

Daga nan na koyi abin da ya kamata. Ka fara da Inna lillahi, ka kira wanda kake yi wa da sunansa, ka kira mamacin da sunansa da abin da yake gare shi. Ka faɗi gaskiya ɗaya tak game da mamacin, in ka san ta. In ba ka sani ba, kada ka ƙirƙira. Ka yi addu'a ga wanda ya tafi, sannan ga wanda aka bari. Kada ka tambayi cuta, kada ka kawo naka mamacin, kada ka yi wa mai kuka darasin haƙuri, ya fi ka sanin inda yake masa ciwo. Ka tura masa shi kaɗai, ba a zauren ofis na waya ba inda kowa ke jera amin kamar masu layin famfo. Ka tura ranar, kafin ƙafarka ta kai, don saƙo ba ya ɗauke maka zuwa. A ƙarshe ka sauke masa nauyin amsawa. Abin da bai wuce tafin hannu ba ya isa.

Da mutanen ofis suka gane na iya, sai suka daina iyawa.

Ranar Talatar da hantsi wayar Hamdiyya ta yi ƙara. Ta saurara, ta ce Inna lillahi a hankali, ta rufe fasfon da ke hannunta ta daidaita shi da gefen tebur, ta ja lafaya ta fita. Goggo Mariama ce, ƙanwar mahaifinta, wadda ta ɗauke ta tun tana goye bayan iyayenta sun rasu. Aka ce za a yi jana'iza bayan azahar, a kai ta maƙabartar Lamaji.

Ƙurar fitarta ba ta kwanta ba Darakta Shu'aibu ya leƙo.

"Malam Ilyasu, kalawada," ya ce da Larabcin garin nan, wato ta'aziyya. "Da Faransanci, da sunan ofis. A sa hatimi a ciki."

"Ranka ya daɗe, saƙon waya ba ya ɗaukar hatimi."

"To a ji ƙanshinsa."

Na rubuta masa. Direbanmu Ghali ya zo, shi ba ya karatu, don haka na faɗa masa kalmomin da Larabci ya maimaita a saƙon murya. Sai da muka sake ɗauka, don karon farko ya gama da dariya da "sai an jima". Mai shara ta zo, masu karɓar baƙi suka zo. Kowa na yanka masa daidai wuyansa, kamar tela ranar jajibirin salla.

Na ƙarshe shi ne Nafi'u, akawunmu, mutumin Maraɗi. Dogo ne mai fara'a, yana sa shadda mai sitaci har ranar Talata, bai taɓa karanta littafin da ba shi da lambobi ba. Ya miƙo mini wayarsa.

"Malam, duba wanga da na samo a intanet. Ya yi?"

Na duba. Faransanci ne mai ƙyalli, yana jajanta rasuwar "mahaifinmu abin ƙauna, ginshiƙin kamfani".

"Nafi'u, Goggo Mariama ba ta taɓa zama ginshiƙin kamfani ba. Waina take sayarwa."

"To gyara mini. Amma da Hausa, kuma kar ya zam irin na su Ghali. Ina son nawa shi fita daban."

Ya kamata in tambaye shi dalili. Ban tambaya ba. Abin da ke kaina a lokacin jimla ce.

Wata rana da azumi, ofis ba kowa, Hamdiyya ta ba ni labarin Goggo. Kakansu ya taso daga ƙasar Katsina a ƙafa zai tafi Makka, ya yada zango a garin nan, zangon ya zama unguwa. Goggo ta gaji maganar tafiya a bakinta, komai nata na hanya ne. In sun shiga ɗaki su biyu, ba ta kiran Hamdiyya da sunanta, sai ta ce Guzurina. Ta ce ita ba ta da ɗa, ba ta je hajji ba, marainiyar da ta rena ita ce abin da za ta nuna in an tambaye ta me ta zo da shi. Hamdiyya ta faɗa mini wannan tana kallon taga, sannan ta ce, "Ban taɓa gaya wa wani a waje ba, kar ka sa ni a littafi."

Tun da na ji rasuwar, jimlar ta haɗu a kaina, cikakkiya, ba inda za a taɓa. Tawa ce, don saƙona na tanade ta. Amma in na tura da sunana, na faɗi abin da na shekara ina nazarin faɗa. Ga kuma Nafi'u tsaye a kaina yana cewa ko dai na gaji ne, basirar ta ƙare a kan Ghali. Na karɓi wayarsa na rubuta:

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Hamdiyya, na ji rasuwar Goggo Mariama. Matar da ta kira ki Guzurina ba ta tafi hannu wofi ba. Allah ya jiƙanta, ya sa ta iske abin da ta tanada, ya ba ki haƙurin rashinta. Ba sai kin amsa ba."

Ya karanta yana motsa leɓe.

"Mi ne ne Guzurina?"

"Salon magana ne."

"Ya yi daɗi," ya ce, ya danna. Sannan ya naɗe hannun shaddarsa ya tare kilando, babur ɗin haya, ya bi jana'iza. Ni aka bari da ofis da fasfunan mutane, don dole wani ya tsaya, kuma na ce ina da rubutun da zan ƙarasa.

Na zauna rubuta nawa. Masu karatu, mutumin da ya sayar da ƙofar ɗakinsa ne ya dawo yana neman inda zai rataya labule. Na fara da Inna lillahi, na tsaya. Duk abin da na sa, na riga na ba wani. Na gwada da Larabcin littafi, ya fito kamar sanarwar rediyo. Na gwada da Hausa, sai ga Sharifa ta shigo layi na biyu ta zauna, na goge ta, ta dawo. Da la'asar saƙon ya kai tsawon da sai an yi masa babi. Na karya kowace doka da na kafa, har na tsinci kaina ina bayanin ra'ayin malamai kan kukan mamaci. Na goge duka. Ranar ta wuce ban tura komai ba. Washegari kuma sai ya zama saƙon da ya makara, wanda sai an fara da ba da uzuri, kuma ta'aziyyar da ta fara da uzuri ta koma maganar mai turawa.

Abin da ban sani ba, duk karatuna, shi ne inda saƙonnin ke sauka. Ni namiji ne, makokin Sharifa a waje na yi shi, kan tabarma, wayata a aljihuna. Ban taɓa tambayar yadda ake yi a cikin gida ba.

Yaya Hansai ce ta kawo mini labari ranar Laraba da yamma. Ta je gaisuwa Habbena ba da izinina ba, ta ce gaisuwar mutuwa ba ta neman izinin ƙane. Ta shigo ta zare mayafi, ta zauna kan buhun littattafaina.

"Wane ne Nafi'u?"

"Akawunmu ne. Me ya yi?"

"Ya gama da kai, shi ya yi."

Ashe mai makoki ba ta riƙe waya. Hamdiyya na zaune a ƙuryar ɗaki an lulluɓe ta, mata na shigowa ana ya haƙuri, ya haƙuri. Wayar tana hannun Zulaikha, matar ɗan kawunta, malamar makaranta mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Duk saƙon da ya shigo sai ta karanta wa ɗaki, tsofaffi su ce amin, a ce Allah ya ba da lada, a wuce na gaba. Na Darakta an ce amin ba a gane ba. Na Ghali an saka shi a bainar jama'a, aka ce wannan bawan Allah yana da ladabi.

"Da aka zo na Nafi'un nan," in ji Yaya, "wata tsohuwa, aminiyar marigayiyar, ta fashe da kuka, ta ce wannan sunan ko maƙwabta ba su san shi ba. Ta ce duk namijin da Hamdiyya ta gaya wa sunan nan, to ba abokin aiki ba ne. Yau da na je an sake karanta shi saboda waɗanda ba su ji ba jiya. Har ni na yi hawaye, Allah ya yafe mini."

"Hamdiyya fa, me ta ce?"

"Me mai makoki za ta ce? Ta ja lafaya ta rufe fuska. Suka ce kunya ce." Ta dube ni. "Naka fa? Na kasa kunne har aka gama ban ji Ilyasu ba."

Na gaya mata gaskiya. Ta daɗe tana kallona kamar mai duba kifi a kasuwa.

"Kai ka rubuta."

"Ni ne."

"Ka sa sunan wani."

"Wayarsa ce."

"Inna ta ce a sa ka makaranta don ka fi mu wayo. Gara da ba ta ga yau ba. Tashi ka je ka faɗa musu."

"In je gidan mutuwa in ce kukan da kuka yi nawa ne, a maido mini?"

Ta san ba a yi. Ta ɗauki mayafinta, ta buɗe tukunyata ta ga ba komai, ta rufe da ƙarfi.

Ranar sadakar uku ofis ya tafi gaba ɗaya a motar Ghali. Na sa farar jallabiya da hular da Sharifa ta ce tana rage mini kamar mai bin bashi. An kafa rumfa ta tare rabin titi, tabarmi har bakin kwata, dattawa na jan carbi, ana zagayawa da shayi a ƙananan kofuna. Muka tuɓe takalma, muka durƙusa gaban kawunta, Alhaji Zulkiflu. Darakta ya ce a yi Fatiha, aka shafa.

"Ya haƙuri, Alhaji?"

"Haƙuri da godiya."

"Ashe Goggo lokaci ya yi. Allah ya jiƙanta, ya kyautata namu zuwan."

"Amin, amin. Allah ya ba da lada."

Wanda ke zuba shayin Nafi'u ne. Ba a cikin motarmu ya zo ba, tun ranar Talata yake nan. Shaddar ta yi laushi, ya san inda ake ajiye sukari, yara na kiransa da suna. Alhaji Zulkiflu ya dafa kafaɗarsa ya ce mana, "Wannan yaron naku, ɗan mutunci ne. Kun ji abin da ya rubuta?" Aka ce ba a ji ba. Ya sa aka karanta mana. Na zauna a kan tabarma na saurari jimlata daga bakin wani ɗan'uwansu mai in'ina, na ce amin tare da kowa.

Da za mu tafi aka ce abokan aikinta su shiga zaure, za a kira ta. Ta fito da baƙar lafaya, ba kwalli, idanunta sun kumbura. Darakta ya yi jawabi da Faransanci har ya ambaci ci gaban ofis. Sauran suka yi kalawada ɗaya bayan ɗaya suka fita neman takalmansu. Na rage ni kaɗai a bakin ƙofa, Zulaikha na tsaye daga ciki da wayar a hannu.

"Ya haƙuri, Hamdiyya?"

"Da godiya, Malam Ilyasu." Ta yi ƙasa da murya. "Na ji saƙonninka."

"Ban turo ba."

"Ka turo. Na Darakta naka ne, na Ghali naka ne. Duk wanda ya ce ba sai na amsa ba, na san teburin da ya fito. Ban ji haushi ba, ai gara naka da abin da za su rubuta da kansu." Ta gyara lafayar a kafaɗa. "Amma sunan nan, mutum ɗaya na gaya wa."

Ina da harsuna uku. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ya zauna daidai a jimlar."

"Ya zauna," ta ce. "Har yanzu ana kuka da shi."

"Zan iya yi wa Alhaji bayani."

"Ka ce masa me? Na gaya wa wani namijin daban, shi kuma ya ba wani aro?" Ta kalli waje, inda Nafi'u ke tattara kofuna a faranti. "Jiya na tambaye shi ko ya san ma'anar abin da ya turo. Ya ce wallahi bai sani ba, Malam ne ya rubuta, shi dai ya ji an yi mini rashi ya rasa abin yi. Bai iya ƙarya ba ko ta kwana ɗaya. Shi ya kama makarar Goggo har Lamaji. Kai kana ina?"

"Ina rubutu."

Ta gyaɗa kai kamar na tabbatar mata da lambar fasfo.

"Kawu ya tambaye ni ko akwai magana tsakanina da shi. Ban ce akwai ba. Ban kuma ce babu ba."

Zulaikha ta yi gyaran murya, wasu mata sun iso gaisuwa. Hamdiyya ta ce Allah ya ba da lada, irin wanda ake ce wa kowa, ta koma ciki.

An sa ranar aurenta da Nafi'u bayan arba'in. Yaya Hansai ta daina zuwa gidana na ɗan lokaci, abin da na daɗe ina roƙo, sai ga shi bai yi mini daɗi ba. A ofis Hamdiyya ta dawo teburinta, muna gaisawa, tana miƙo mini takardu ina fassarawa. Na zagi Darakta cikin ladabi a gabanta sau da yawa, kafaɗunta ba su motsa ba. Shekaranjiya Nafi'u ya jawo kujera kusa da ni, da sabuwar shadda, ya ce yana son in taimaka masa da 'yan kalmomin da zai riƙa tura mata da safe, tunda na san irin abin da take so. Na ce masa ya rubuta da kansa. Ya rubuta "Ina kwana, kin karya?" ya nuna mini. Na duba ta ko'ina ban sami abin gyarawa ba.

A zauren gidan makokin nan, kafin ta juya, akwai abin da ya zo mini, wanda ban ba kowa aro ba don ban san ina da shi ba sai a lokacin. Ba shi da Inna lillahi, ba shi da ado, ba zai sa ɗaki kuka ba. Yanzu kuma ba maganar da zan yi wa matar da aka sa wa rana ba ce, don haka ku masu karatu zan bar wa.

Hamdiyya, ranar da za a naɗe tabarmin nan a kwance rumfa, kowa ya koma gidansa, za ki dafa shayi ki zuba kofi biyu bisa sabo, naki da na Goggo. Ranar ki kira ni. Ba zan ce komai ba, zan dai tsaya a kan layi har ki shanye naki.